Wa zai biya kuɗin haya? Nazari kan rabon ɗawainiyar ofis tsakanin ayyuka

Duk ƙarshen wata, akantan ƙungiyar agaji da ke riƙe da ayyuka uku ko huɗu yakan zauna da rasit ɗaya na kuɗin haya, da rasit ɗaya na man janareta, da takardar albashin shugaba, ya rasa aljihun da zai ɗora wa nauyinsu. Kowane aiki da mai ba shi tallafi, kowane mai tallafi da sharuɗɗansa, amma rufin ɗaya ne. Da can yawanci aikin da ya fi maiƙo ake ɗora wa komai, a wuce wurin. Yanzu abin ya sauya. Masu binciken kuɗi kan nemi a nuna musu rubutaccen ma'aunin da aka bi wajen rabon, da hujjar da ta sa aka zaɓe shi.

Babban abin da ya kawo wannan sauyi shi ne tsadar da ɗawainiyar ofis ta yi. A Najeriya an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, sannan a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku na da. Ƙungiyoyin Maiduguri kuwa tun Janairun 2021 suka ɗanɗana kuɗarsu, lokacin da aka lalata turakun da ke kai wa garin wuta, ofisoshi suka daɗe suna dogaro da janareta. Kuɗin da a da ake cusa shi a lungun kasafi ba wanda ya kula, ya zama abin da ke iya karya aiki. A gefe guda kuma, tun taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 aka yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida. Ba a cika alkawarin ba, amma ɗan abin da ya iso ya zo da ƙa'idojin lissafi irin na manyan ƙungiyoyi, aka ɗora su a kan ofis mai akanta ɗaya.

Mu ɗauki misalin wata ƙungiya mai ayyuka uku: na ciyar da yara masu tamowa, na ilimi, da na haƙa rijiyoyin burtsatse. Kuɗin hayarta naira miliyan 6 ne a shekara, wato 500,000 a wata. Wuta da man janareta suna cin 600,000. Albashin shugaba da akanta da jami'in gudanarwa ya kama 1,800,000. Gaba ɗaya naira 2,900,000 ke nan da za a raba duk wata.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda da yawa ke bi, ita ce a duba girman kuɗin da kowane aiki ke kashewa kai tsaye. A ce aikin rijiyoyi na kashe miliyan 12 a wata, na tamowa miliyan 6, na ilimi miliyan 2. Rijiyoyi sun ɗauki kashi 60 cikin 100 ke nan, za su biya 1,740,000. To amma a leƙa ofishin a gani: injiniyoyi biyu ne kacal ke wannan aiki, a ɗaki ɗaya, kuma rabin mako suna ƙauye. Miliyoyin nan ɗan kwangila ake tura wa, ba su zauna a kujera ba, ba su kunna fanka ba. Idan kuma aka juya aka ce a raba bisa yawan ma'aikata, masu tamowa su 12 ne, masu ilimi 6, masu rijiyoyi 2. Sai kason rijiyoyi ya faɗo zuwa 290,000. Ofis ɗaya, wata ɗaya, amma lissafin farko ya ninka na biyu sau shida. Kowanne ana iya kare shi da baki, kuma kowanne akwai wanda ya cuta.

A ganina kuskuren yana wajen neman ma'auni ɗaya tilo da zai raba komai. Kowane irin kuɗi akwai abin da ke sa shi ƙaruwa ko raguwa, kuma wannan abin shi ya cancanci zama ma'auninsa.

Haya faɗin wuri ake biya wa, don haka da tef ɗin awo ake fara aikin. A ce ofishin murabba'in mita 200 ne. Daga ciki 50 na kowa da kowa ne: zauren taro, baranda, banɗaki, ɗakin shugaba. A ajiye su gefe, a duba 150 ɗin da suka rage. Masu tamowa na da 75 har da ɗakin ajiyar kayansu, masu ilimi 45, masu rijiyoyi 30. Rabon ya zama kashi 50 da 30 da 20, kuma da shi za a raba hayar dukan ginin har da wuraren tarayya: 250,000 da 150,000 da 100,000. Zanen ofishin da aka rubuta awon kowane ɗaki a kai, aka sa hannu da kwanan wata, shi ne shaidar da mai bincike zai nema.

Wuta ta fi wuyar sha'ani, domin ɗaki ɗaya na iya shanye abin da ɗakuna biyar ba su sha ba. A misalinmu, ɗakin da ake ajiye abincin yara masu tamowa yana da na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki yini guda saboda zafi kada ya lalata kayan. Idan aka raba wuta bisa faɗin wuri kawai, aikin ilimi zai riƙa biyan kuɗin sanyaya kayan da ba nasa ba. Maganin shi ne a ɗaura ƙaramar mita a layin wannan ɗaki. Idan mitar ta nuna kashi ɗaya cikin uku na wutar ofishin can take tafiya, sai a cire 200,000 a ɗora wa aikin tamowa kai tsaye, ragowar 400,000 a raba su da ma'aunin haya: 200,000 da 120,000 da 80,000. Ƙa'idar da ke nan ita ce, duk abin da ake iya gane mai shi, ba ya shiga tukunyar rabo tun farko.

Albashin shugabanni ne wurin da aka fi samun matsala, kuma nan na fi so mai karatu ya dakata. Ma'auninsa lokaci ne, shaidarsa kuma takardar da kowane ma'aikaci ke rubuta awannin da ya ba kowane aiki. A ce mutum ukun nan sun yi awa 480 a wata. Awa 80 sun tafi a harkar ƙungiya baki ɗaya, kamar taron kwamitin amintattu da zuwa banki. Daga 400 da suka rage, rijiyoyi sun ci 160, domin tantance 'yan kwangila da duba takardun biyansu aiki ne mai cin lokacin akanta, tamowa ta ci 160, ilimi 80. Rabon 1,800,000 zai zama 720,000 da 720,000 da 360,000. Idan aka tattara duka, aikin tamowa zai biya 1,370,000, na rijiyoyi 900,000, na ilimi 630,000. Jimillar ta koma 2,900,000 daidai, ba ƙari ba ragi, kuma wannan shi ne gwajin farko da ya kamata a yi duk wata.

Sai dai takardar awanni tana da saurin lalacewa. Mai bincike da ya san aikinsa yana gane ta bogi da kallo ɗaya: duk wata kashi 40 da 40 da 20, ba sauyi, daidai da abin da aka rubuta a kasafi, da biro ɗaya, har da ranar hutun Sallah an cike awa takwas. Wannan kasafi aka kwafa, ba lokaci aka rubuta ba. Wata alamar ita ce a tattara rahotannin da aka aika wa masu tallafi daban-daban a ga an caji albashin shugaba kashi 50 a nan, 40 a can, 30 a wani wurin, mutum ɗaya ya yi aikin kashi 120. Sau da yawa ba sata ce ta kawo hakan ba, an rubuta kowace takardar neman tallafi ne a lokacinta ba tare da duba sauran ba. Amma hukuncin ɗaya ne, a ce a mayar da kuɗin.

Ko an yi rabon adalci, da sauran rina a kaba, domin masu tallafi suna da iyakar abin da suke biya. Tarayyar Turai a tallafinta na ayyukan ƙetare takan tsaya a kashi 7 cikin 100 na kuɗin aiki don ɗawainiyar gudanarwa. Ƙa'idar tallafin gwamnatin Amurka ta ba ƙungiyar da ba ta da yarjejeniyar musamman damar cajin kashi 10, aka ɗaga shi zuwa 15 daga 1 ga Oktoba 2024. Idan mai tallafin aikin ilimi a misalinmu ya tsaya a kashi 7 na miliyan 2, naira 140,000 kawai zai bayar, alhali kason aikin 630,000 ne. Giɓin 490,000 nan shi ke jan akanta ya lanƙwasa ma'auni, ya tura nauyin kan aikin rijiyoyi tunda shi ke da sarari. Yin haka kuwa cin kuɗin wani ne don biyan bashin wani, kuma ƙa'idar Amurka ta haramta shi ƙarara.

Hanyar da ta dace tun lokacin rubuta kasafi take farawa. Masu tallafi da dama suna yarda a sa kason haya da wuta da awannin akanta a layin kuɗin aiki na kai tsaye, muddin akwai ma'auni da shaida, a bar kashi 7 ɗin ga abin da ba ya rabuwa, kamar binciken kuɗi na shekara. Sharaɗin shi ne kada abu ɗaya ya fito a wuri biyu. Ƙungiyar da ta je teburin tattaunawa da zanen ofis da karatun mita da takardun awanni na wata shida tana da abin faɗa. Wadda ta je hannu rabbana, abin da aka ba ta za ta karɓa.

Shekarar 2025 ta tona wani rauni da ma'auni ba ya iya rufewa. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, zuwa Yuli kuma hukumar USAID ta daina gudanar da ayyuka. A misalinmu, idan aikin rijiyoyi ne ya tsaya ba shiri, mai gida ba zai rage haya ba, shugaba ma yana nan. Kusan duka 900,000 ɗin za su dawo kan ayyuka biyun da kasafinsu an riga an rufe shi. Ma'auni zai faɗi gaskiyar sabon rabon, amma ba zai samo kuɗin ba. Shi ya sa nake kira ga kwamitocin amintattu su nemi akanta ya kawo musu wannan lissafi duk wata uku, a rubuce: idan aiki mafi girma ya tsaya gobe, nawa ne zai rage ba mai biya, kuma wata nawa asusun ƙungiya zai iya ɗauka kafin a bar ginin ko a sallami wani.