Garin kolajin: daga cokali zuwa fata da gwiwa, me aka auna?

Kwanakin baya na je gaishe da yayata, sai na tarar da wani farin gwangwani a gefen kayan shayinta. Ta ce garin kolajin ne, wata maƙwabciya ta kawo mata daga tafiya, kuma kowace safiya tana zuba cokali guda a kunu. An gaya mata yana ɗame fatar fuska, yana kuma sanya gwiwa ta daina ƙara idan za a tashi daga zaune. Ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka rabuwa da takardu, gaya mini gaskiya, abin nan yana aiki ko kuɗina kawai nake zubawa a kofi?" Na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu." Kwana biyun sun zama mako uku, domin amsar ba e ko a'a ba ce.

Kolajin ba baƙo ba ne a tukunyar Bahaushe. Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana, ya tashi ya ga romon ya daskare yana rawa, ya ga kolajin da idonsa. Shi ne furotin mafi yawa a jikin ɗan Adam, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin ɗinmu, kuma yana cikin fata da ƙashi da jijiya da guringuntsi. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka uku. Idan aka dafa fata ko ƙashi, tufkar ta warware, abin da ya fito shi ake kira jelatin. Masu yin garin nan suna ƙara mataki ɗaya: suna sa wasu sinadarai masu yanka furotin su daddatsa jelatin ɗin zuwa guntaye, don ya narke ko a ruwan sanyi. Daga fatar shanu ake samunsa, ko fatar kifi da ɓawonsa, ko fatar alade, saboda haka karanta jikin gwangwani ba ɓata lokaci ba ne. Ke nan abin da ke gaban yayata ɗan'uwan ganda ne na jini, sai dai shi ya bi ta masana'anta.

Tunanin da ke sayar da garin mai sauƙi ne: fatarki ta rasa kolajin, ki sha kolajin, ya je ya cike gurbi. Amma ciki bai san wannan alkawari ba. Duk furotin da ya shiga, na wake ne ko na ƙwai ko na gwangwani, hanya ɗaya yake bi. Tsamin ciki da wani sinadari mai suna fefsin su fara yanka shi, sannan a ƙaramin hanji ruwan da saifar zaƙi, wato fankiriyas, ke zubowa ya ƙarasa aikin. Abin da ke ƙetara bangon hanji zuwa jini ba igiyar ba ce. Tubalanta ne da ake kira amino asid, ɗaiɗai ko biyu-biyu ko uku-uku a haɗe. Kamar a rushe katanga ne a zuba tubalan a kasuwa: babu tubalin da aka rubuta masa cewa fuska zai nufa. Jiki yana iya kai su hanta, ko tsoka, ko ya ƙone su ya sami ƙarfi. Idan kuwa yana son sabon kolajin, ƙwayoyin halittar da ke cikin fata su ke ƙera shi daga farko, kuma ba za su iya ɗaure tufkar da kyau ba sai da bitamin C, irin wanda ke cikin lemo da gwaiba da tsamiyar biri da sauransu.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce wa Yaya ta koma ga gandarta. Sai dai akwai wata 'yar ƙofa da ya kamata a yi mata adalci. A shekarar 2005 wasu masu bincike a Japan, Iwai da abokan aikinsa, sun ba mutane irin wannan gari bayan sun yini ba su ci ba, suka riƙa ɗibar jininsu. Sun tarar da wani guntu mai tubali biyu, furolin haɗe da haidiroksifurolin, ya tsira daga yanka ya shiga jini, ya kai ƙololuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu sannan ya fara raguwa. Daga nan hujjar masu garin ta sauya. Ba su ƙara cewa garin yana cike gurbi ba. Suka ce wannan guntun saƙo ne da ke yaudarar ƙwayoyin fata su ɗauka kolajin yana rushewa, su tashi su ƙera sabo. A cikin kwanon gwaji an ga ƙwayoyin suna amsa wannan guntu. Amma kwanon gwaji ba kumatu ba ne, kuma ganin abu a jini ba ya nufin ya yi aiki a inda ake so.

Saboda haka sai na koma ga binciken da aka yi a kan mutane, na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata, na bi shi daki-daki. A shekarar 2014 Farfesa Ehrhardt Proksch na Jami'ar Kiel a Jamus da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da mata 69 masu shekara 35 zuwa 55. An raba su gida uku, kowane gida mata 23. Kashi ɗaya suna shan giram 2.5 a rana, kashi na biyu giram 5, na uku kuma garin da babu kolajin a cikinsa, kuma babu wadda ta san wanne take sha. An yi mako takwas ana haka.

To me aka auna? Ba a tsayar da matan a gaban madubi an tambayi jama'a wa ta ƙara ƙuruciya ba. An yi amfani da wata na'ura mai suna kutomita, mai ɗan ƙaramin baki da ake ɗorawa a kan fata. Tana zuƙo fatar sama kaɗan, ta sake ta, sannan ta lissafa yadda fatar ta koma mazauninta da sauri. A fatar hannu aka yi wannan awo, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ba a fuska ba. A wannan ma'auni matan da suka sha kolajin sun fi sauran, kuma bambancin ya wuce abin da za a ce dace ne kawai. An kuma auna laimar fata da yawan ruwan da ke tsirarewa daga cikinta, amma a waɗannan biyun bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Ga abin da ya tsaya mini a rai: binciken bai faɗi ko matar da lambarta ta motsa a kan na'ura za ta ga wani canji da idonta ba. Tsakanin "kutomita ta nuna ƙari" da "za ki koma budurwa" akwai tafiyar kwanaki, kuma mai talla ne ke yin tafiyar, ba mai bincike ba.

Ko awon laima da ake yawan tinƙaho da shi yana da nasa iyaka. Na'urar da ke yin sa tana karanta ruwan da ke shimfiɗar fata ta can sama ne, wadda matattun ƙwayoyi ce, kolajin kuwa yana ƙasa da ita. Lambar tana hawa da sauka da yanayi. Wanda ya san yadda hunturu ke mayar da ƙafa fari fat ya san cewa gwajin da aka fara cikin sanyi aka ƙare da damina zai nuna ci gaba ko ruwan rijiya aka sha. Shi ya sa rukunin garin bogi ke da daraja, kuma duk tallar da ta nuna hoton "kafin" da "bayan" ba tare da shi ba, ba ta ce komai ba.

Sai batun wanda ya biya kuɗin makaɗi. Da aka tattara gwaje-gwaje 19 a shekarar 2021, masu ɗauke da mutum 1,125, sakamakon ya nuna amfani ga fata. Amma a shekarar 2025 wasu masu bincike biyu daga Koriya ta Kudu, Myung da Park, suka tattara gwaji 23 na mutum 1,474, suka ware waɗanda kamfanoni suka ɗauki nauyinsu da waɗanda ba su ɗauka ba. A dunƙule amfanin ya bayyana. Da aka dubi waɗanda babu kuɗin kamfani a cikinsu kaɗai, sai ya ɓace, haka kuma da aka dubi mafiya inganci kaɗai. Ban ce wani ya yi ƙarya ba. Amma a ganina wannan shi ne sakamako mafi nauyi a duk abin da na karanta.

A ɓangaren gwiwa lamarin ya fi rauni, domin abin da aka fi aunawa shi ne bakin mara lafiya. Ana ba mutum layi daga sifili zuwa goma, a ce ya nuna inda ciwonsa yake. A shekarar 2008 an yi gwaji da ɗalibai 'yan wasa 147 a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, giram 10 a rana har mako 24. Bayanan mutum 97 ne kawai suka shiga lissafin ƙarshe, kuma ratar da aka samu a ciwon tafiya ba ta kai maki ɗaya cikin goma ba. Waɗannan kuma matasa ne masu gudu, ba dattijuwa mai amosanin gaɓɓai ba. Wani babban gwaji da Moskowitz ya ba da rahotonsa a shekarar 2000, na masu amosanin gwiwa 389 a Amurka da Birtaniya da Jamus, bai sami bambanci a dunƙule ba, sai a cibiyoyin Jamus kaɗai. Raguwar ciwo abu ne mai daraja ga mai ciwo, amma ba ita ce shaidar cewa guringuntsi ya sake tsirowa ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba hujjojin gaɓɓai a shekarar 2011 da na fata a 2013, kuma duka sau biyun ba ta amince cewa an tabbatar da amfanin da ake da'awa ba.

Da na koma wurin Yaya, ga abin da na iya ce mata. Garin furotin ne, kuma a gwaje-gwajen nan ba a ga wata babbar illa ba, in ban da kumburin ciki ga wasu. Mai borin jini idan ya ci kifi ya guji na kifi, mai ciwon ƙoda kuma ya fara tambayar likitansa. Ba cikakken furotin ba ne, domin babu wani tubali mai suna tiriftofan a cikinsa, don haka ba ya maye gurbin ƙwai ko wake ko nono. Gwiwar da ke kumbura, ko take zafi, ko take hana barci, asibiti take buƙata. Fatarta kuwa, ranar da take sha a hanyar kasuwa ta fi rusa mata kolajin fiye da abin da cokali guda zai iya mayarwa.

Ta saurare ni har na gama, ta ɗaga gwangwanin ta girgiza, ta ce, "Saura rabi. Zan ƙarasa shi tunda an riga an biya. Amma ƙanena, idan za ka dawo, ka biyo mini ta wurin mahauta da ƙafar saniya."