Sanarwar Aikin Gayya na Tsaftace Unguwa: Abin da Ya Kamata Ta Ƙunsa

Sanarwar aikin gayya ita ce kiran da mai unguwa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar matasa ke yi wa mazauna unguwa su fito su share titi, su yashe kwata, su kwashe bola, ba tare da an biya kowa ba. A da sanƙira ne ke zagayawa da ita. Yanzu liman kan faɗe ta bayan sallar Magariba ko Isha'i, a manna ta a bangon masallaci, a kuma tura ta wayoyin jama'a. Ko ta wace hanya ta fita, abu huɗu ake so ta bayyana: aikin da za a yi, kayan da kowa zai riƙo, wurin haɗuwa da kuma lokaci.

Rana da lokaci

A Kano, yawancin irin wannan kira kan faɗa ranar Asabar ta ƙarshen wata, wato ranar tsaftar muhalli, wadda akan taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Al'adar ta samo asali daga shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, wadda ta ƙaddamar da sashen tsaftar muhalli na shirin a 1985. Amfanin ranar shi ne mutane suna gida, kasuwa ba ta buɗe ba, titi kuma babu motar da za ta hana baro wucewa.

Idan yasar magudanar ruwa ce, watan Afrilu ko farkon Mayu ya fi dacewa, kafin damina ta kankama. A lokacin lakar da ke cikin kwata ta ɗan bushe, ba ta da nauyi sosai. Wanda ya bari sai Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa, zai tarar da kwata cike taf. Sanarwa ta faɗi ƙarfe nawa za a fara da ƙarfe nawa za a tashi. "Da safe" ba lokaci ba ne: wani zai zo bayan Asuba ya tarar da ba kowa ya koma, wani kuma sai hantsi ya dubi ludayi. Mai sana'a ma ya fi fitowa idan ya san ƙarfe 10 zai koma bakin nemansa.

Wurin haɗuwa

Wurin da kowa ya sani ake zaɓa, kamar ƙofar gidan mai unguwa, ko filin makarantar firamare, ko bakin masallaci. Wuri ɗaya ake ambata ko da layuka biyar za a share, domin a nan ake ƙirga waɗanda suka fito da kayan da aka samu, a raba su rukuni-rukuni. In aka ce kowa ya fara daga ƙofar gidansa, abin da ke faruwa shi ne kowa ya turo shararsa gaban maƙwabcinsa.

Ayyuka da kayan aiki

Kowane aiki da kayansa, saboda haka ake jera su tare. Yasar kwata na buƙatar shebur da manjagara, da diga inda laka ta daskare. Kwalbati da ya toshe yana son doguwar gora ko rodi. Ciyawar gefen hanya ta adda ce da fartanya. Shara ta tsintsiya ce, tsintar leda da robobi kuma ta buhu. Jigila ita ce ta baro. Idan sanarwa ta ce kawai "a zo da kayan aiki", tsintsiya za ta yi yawa, shebur ya yi ƙaranci, sai a ga mutum uku a cikin kwata, ashirin na tsaye a kansu suna ba da shawara. Shi ya sa masu shiryawa kan bi magina da masu sayar da yashi tun kwana biyu kafin ranar, su ari baro da shebur, a rubuta sunan mai kowane kaya don a mayar masa.

Kayan kariya ma suna cikin jerin: takalmin roba mai tsawo, safar hannu mai kauri da takunkumi. Ƙasan kwata cike yake da fasassun kwalabe, ƙusa da gwangwani. Mai silifas kada ya shiga, yara kuma a bar su a tsintar leda a kan titi. Wanda ya yanke ya wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar rigakafin sarƙewar haƙora.

Lissafin aiki

A ɗauki kwata mai tsawon mita 100, faɗinta rabin mita, laka ta taru a cikinta santimita 20. Abin da za a fitar ya kai lita 10,000. Idan baro na ɗaukar lita 50 na jiƙaƙƙiyar laka, sawu 200 ke nan. Da baro biyar, kowanne zai yi sawu 40. In kowane sawu na cin minti huɗu, za a gama cikin minti 160, ƙasa da awa uku kaɗan. Da baro biyu kuwa aikin zai haura awa shida, rana ta take, jama'a su watse. Daga wannan lissafi ake sanin abin da za a rubuta:

"Ana sanar da mazauna unguwa cewa za a yi aikin gayya ranar Asabar ta ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Za a haɗu a ƙofar gidan mai unguwa. Ayyuka: yasar kwatar layin masallaci, buɗe kwalbatin bakin titi, tsince leda. Ana buƙatar baro 5, shebur 10, manjagara 5, diga 2 da buhuna. Masu shiga kwata su zo da takalmin roba da safar hannu. Motar kwashe shara za ta iso ƙarfe 10."

Ana fara yasa daga gangare, inda ruwa ke fita, a yo sama. Wanda ya fara daga tudu zai saki ruwan da ya taru ya sauko wa inda ke toshe, ya malalo kan titi.

Inda sharar za ta

Jimlar ƙarshe ta wannan sanarwa ita ce aka fi mantawa da ita. Sau da yawa akan tsibe laka a bakin kwata a tafi, akuya da ƙafafun mutane su baje ta, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Don haka kafin a sa rana, sai an tabbatar da mai kwashewa. A Kano akan tuntuɓi hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB, ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Inda hakan bai samu ba, sai a yi karo-karo a ɗauki tifa. Ƙarafa da robobi a ware wa 'yan bola jari. Ƙona tarin leda a cikin unguwa ba mafita ba ce, domin hayaƙinta na tayar wa masu asma ciwo, yana kuma cutar da jarirai.

Ana gane aiki ya yi idan aka zuba bokitin ruwa a kan kwata ya gangara har mafita bai tsaya ba. Inda ya kwanta, da saura. Sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin mako ɗaya zuwa biyu a ruwan da ke kwance, saboda haka irin wannan wuri shi ake sawa a farkon jerin ayyukan gayya ta gaba, a kuma sanar da ranarta kafin jama'a su watse.