Ciwon Ɓarin Kai: Ba Gajiya Ba Ce Kawai

Wata malamar makaranta takan rufe tagogi ta kwanta cikin duhu, domin gefe ɗaya na kanta yana bugawa kamar ganga, ga tashin zuciya, hasken waya ma ba ta iya kallo. Ciwon ɓarin kai ke nan. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, kuma ko hawan bene ƙara shi yake yi.

Ciwon kan gajiya kuwa ɗaure kai yake yi ta ɓangarorin biyu, babu amai, mutum yana iya ci gaba da aikinsa.

Amma idan ciwon ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti, domin yana iya zama sanƙarau.