Wasiƙa zuwa ga ƙanwata 'yar aji biyu a akitekca

Hauwa, na ji an ba ku aikin zana ƙaramin asibitin unguwa. Don Allah kar ki fara da AutoCAD. Ni haka na yi, kwana 4 ina ƙawata gaban gini, sai malami ya tambaye ni ina arewa take, na yi tsuru-tsuru.

Fara da zuwa filin. Duba inda rana ke faɗuwa, domin ɗakin jiran da tagarsa ke kallon yamma zai gasa mutane da la'asar. Daga nan ɗauki fensir, kowane ɗaki ki yi masa da'ira, ki ja layi tsakanin masu buƙatar kusanci, kamar wurin karɓar kati da ɗakin likita. Idan layukan suka sarƙe, mutane ma haka za su riƙa karo. Sai sun warware za ki kunna kwamfuta.

Yayarki.