Waya Ta Ɓata, Lambobi Sun Tafi: Inda Ake Tsinto Su

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da aka zare wa waya daga aljihu a cikin cunkoso. Da yamma zai sayi wata. Abin da ba ya sayuwa shi ne lambar dillalinsa na Legas da ta direban da ke kawo masa kaya.

Aikinsa na farko shi ne ceto layinsa. Zai je ofishin kamfanin layin, MTN ne ko Airtel ko Glo, a rufe tsohon sim, a ba shi sabo mai lambarsa ta da, abin da jama'a ke kira "walkam bak". Za a nemi lambarsa ta NIN, kuma akan tambaye shi lambobin da ya fi kira da kuɗin katin da ya saka na ƙarshe. Gaggawa wajibi ce a nan, domin da layin ɓarawo ke iya taɓa asusun banki. Amma sabon sim fanko yake zuwa. Sunayen da ke kan tsohon sun tafi tare da shi.

Da yawa masu cewa ba su ajiye komai ba, wayar ta ajiye musu ba su sani ba. Wanda ya saita masa Android ranar da ya saye ta galibi ya buɗe masa Gmail, kuma lambobin kan hau can da kansu. Ya shiga contacts.google.com da wannan adireshi ya duba. In ya manta kalmar sirri, Google na iya turo lambar tabbatarwa ta layin da ya ceto, muddin da shi aka haɗa asusun.

In can babu komai, sai WhatsApp. Da ya sa lambarsa, aka turo masa alƙaluma 6 ya shigar, zaurukan da yake ciki za su dawo, ko da tsofaffin hirarraki ba su dawo ba. A zauren 'yan kasuwa ko na dangi, zai ga lambar kowa da sunan da mai ita ya sa wa kansa. Kada ya ɓata lokaci wajen sanar da ɓatan wayar a Status: waɗanda ya ajiye lambarsu, su ma suka ajiye tasa, su kaɗai ke gani, shi kuwa wayarsa babu kowa. A zaurukan zai yi cigiya.

Dillalin Legas fa, da ba ya cikin kowane zaure? Tarihin tura kuɗi zai fito da shi. Lambar asusun OPay da PalmPay yawanci lambar wayar mai asusun ce aka cire sifilin farko, don haka 803 ta koma 0803.

Duk lambar da ya tsinto, ya kira ya ji muryar mai ita kafin ya tura ko kwabo, sannan ya ajiye ta a kan Gmail, ba a kan sim ba.