Yadda ake fitar da zakara cikin 'yan dara da yawa a zagaye kaɗan

A watan Satumban 2024, ƙungiyoyi fiye da 180 suka fafata a ɓangaren da kowa ke iya shiga na gasar ces ta ƙasashen duniya da aka yi a Budapest, babban birnin Hungary. Zagaye 11 kacal aka buga, aka kuma san cewa Indiya ce ta zo ta ɗaya, ba tare da an kori ko da ƙungiya guda ba.

Hanyar da aka bi wajen haɗa wasannin ita ake kira tsarin Suwizalan, saboda a birnin Zurich na ƙasar aka fara amfani da ita a 1895. Tun daga gasar da aka yi a Haifa a 1976 ake gudanar da gasar ta ƙasashe a kan wannan tsari.

Matsalar da tsarin ya warware ba ta manyan birane ba ce kaɗai. A ce masu sha'awar dara ko diraf a Kurugu, da ke yankin Ƙaraye da Rogo a yammacin jihar Kano, sun tara mutum 16 domin gasar wuni ɗaya.

Idan aka ce kowa sai ya kara da kowa, ana bukatar zagaye 15 da wasanni 120, abin da wuni ɗaya ba zai ɗauka ba. Idan kuma aka yi sili-ɗaya-ƙwale, mutum takwas za su koma gida bayan wasa guda, wataƙila har da gwanin da ya yi rashin sa'ar haɗuwa da wanda ya fi shi tun da farko.

A tsarin Suwizalan zagaye huɗu sun isa, wato wasanni 32, kuma kowa zai buga har ƙarshe.

Ƙa'idoji uku

Ƙa'ida ta farko ita ce, a kowane zagaye ana haɗa mutum da wanda makinsu ya zo ɗaya, ko mafi kusa da shi. A ces, nasara maki ɗaya ce, canjaras rabin maki, wanda aka cinye kuma ba ya samun komai.

Ta biyu, mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu. Ta uku, ana ƙoƙarin a yi karɓa-karɓar fari da baƙi, domin mai fararen 'ya'ya shi ke fara motsi, kuma hakan wata 'yar dama ce. Dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, ta hana a bai wa mutum launi ɗaya sau uku a jere, sai dai a zagayen ƙarshe ga waɗanda ke sama.

Dalilin da ya sa zagaye huɗu suka isa shi ne, kowane zagaye yana rage rabin waɗanda suka ci duka wasanninsu. Daga 16 za a koma takwas, sai huɗu, sai biyu, sai ɗaya. Mutum 32 na bukatar zagaye biyar, daga 33 zuwa 64 kuma zagaye shida.

Yadda ake haɗawa

Kafin a fara, ana jera 'yan wasa gwargwadon ƙarfinsu daga lamba 1 zuwa 16. Inda babu jadawalin matsayi, sai a yi ƙuri'a.

Daga nan sai a raba jerin gida biyu, a haɗa na sama da na ƙasa: 1 da 9, 2 da 10, har zuwa 8 da 16. Lamba 1 zai ɗauki fari, lamba 2 baƙi, lamba 3 fari, a ci gaba a haka.

A ce lamba 1 zuwa 6 duk sun ci wasanninsu, lamba 15 ya ba da mamaki ya doke 7, sannan 8 da 16 sun yi canjaras. Yanzu akwai mutum bakwai masu maki ɗaya, biyu masu rabi, bakwai kuma ba su da komai.

Bakwai ba ya rabuwa biyu, don haka sai a sauko da na ƙarshensu, wato lamba 15, zuwa rukunin da ke ƙasa. Sauran shidan a sake raba su biyu: 1 da 4, 2 da 5, 3 da 6.

Bisa tsari, 15 zai fara neman 8, domin shi ne babba a masu rabin maki. To amma dukansu baƙi suka riƙe a zagayen farko, kowa yana bin bashin fari. Shi kuwa 16 fari ya riƙe, saboda haka sai a haɗa shi da 15.

Lamba 8 ya rage shi kaɗai, sai shi ma ya sauka ya gamu da 7, wanda ya buga da fari a baya. Ragowar su ne 9 da 12, 10 da 13, 11 da 14. Haka za a maimaita bayan kowane zagaye, shi ya sa ba a iya fitar da jadawalin gaba sai wasan ƙarshe ya kammala.

Idan yawan 'yan wasan mara ne, kamar 17, ana hutar da na ƙasan jeri a ba shi maki ba tare da ya buga ba, kuma ba a yi wa mutum ɗaya haka sau biyu.

Inda gizo ke saƙa

Tsarin ya fi ƙwarewa wajen nuna na ɗaya a kan na biyu. Idan ba a yi canjaras ko ɗaya ba a gasar mutum 16, za a ƙare da mutum guda mai maki huɗu, da mutum huɗu masu maki uku-uku. Idan an tanadi kyauta ga na biyu da na uku, a nan gardama ke tashi.

Hanyar da aka fi bi wajen raba gardamar ita ce lissafin Buchholz, inda ake tara makin duk waɗanda mutum ya kara da su. Wanda ya ci wasa uku sannan zakara ya doke shi, abokan karawarsa na iya ƙarewa da maki 2, 2, 3 da 4, jimla 11.

Wanda kuwa ya faɗi a wasan farko, sannan ya riƙa haɗuwa da masu rauni yana cinye su, nasa na iya zama 3, 1, 2 da 2, jimla takwas. Makinsu ɗaya, amma na farkon ne zai hau sama saboda hanyarsa ta fi wuya. Wajibi ne a sanar da wannan ƙa'ida kafin a fara gasa, ba bayan an ga sakamako ba.

Yawan zagaye ma yana da illa. Idan mutum goma suka ce za su buga zagaye takwas, wajen ƙarshe za a tarar na sama duk sun riga sun haɗu, har ta kai ba a iya haɗa kowa ba tare da karya doka ba.

A manyan gasanni ana amfani da manhajoji irin su Swiss-Manager, amma kati ɗaya ga kowane ɗan wasa ya wadatar a ƙaramar gasa. A jikinsa za a rubuta lambar abokin karawa, da launi, da maki.

Akwai kuma hanya mai sauƙi ta gano kuskure. Kowane wasa maki ɗaya yake rabawa, don haka a gasar mutum 16 jimlar makin kowa da kowa za ta zama takwas bayan zagayen farko, 16 bayan na biyu. Idan lissafi bai kai haka ba, ko ya zarce, to an yi kuskure a wani kati, kuma sai an gyara shi kafin a kira sunayen zagaye na gaba.