Kiɗan gem ɗin ƙuruciya: yadda ake gano sunansa

Mutum yana cikin aiki sai wani kiɗa ya faɗo masa a rai, irin na gem ɗin da ya buga shekaru talatin da suka wuce. Yana iya rera shi daga farko har ƙarshe, amma ba ya tuna sunan gem ɗin, balle na kiɗan. Manhajojin waya masu gane waƙa sukan gaza a nan, domin da yawa daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗe ba a taɓa fitar da su a faifai ba. Duk da haka ana gano su, in aka bi a hankali. Dabarar ita ce a fara neman na'urar da ta buga kiɗan, sannan gem ɗin, sunan kiɗa ya zo daga ƙarshe. Wanda ya soma da neman sunan kiɗa kai tsaye yakan sha wuya a banza.

Kunne ne ke nuna na'ura. A cikin kowace tsohuwar na'urar gem akwai ƙwayar sauti, abin da masu gyaran rediyo ke kira aisi, kuma kowace da irin muryarta. Ta Famicom, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kuma aka sayar a Amurka da sunan NES daga 1985, ana kiranta 2A03. Kamar ƙungiya ce ta makaɗa biyar. Biyu suna busa mai kaifi, su ne ke ɗaukar amon waƙa. Ɗaya yana bi da murya mai kauri daga ƙasa, kuma ba a iya ƙara masa ƙarfi ko a rage. Na huɗu shuuu kawai yake yi, da shi ake kwaikwayon ganga da fashewar bam. Na biyar yana sako gutsuren sautin da aka naɗa, ba kowane gem ke amfani da shi ba. Saboda ƙarancin makaɗan, idan ɗan wasa ya yi tsalle ko harbi, sai ka ji wani ɓangare na kiɗan ya ɗauke na ɗan lokaci, an ari muryarsa. In ka tuna kiɗa yana yin haka, ka kama babbar shaida.

Mega Drive na kamfanin Sega, na 1988, daban yake. Ƙwayarsa ta Yamaha, YM2612, tana da muryoyi shida, sautinta kuwa na ƙarfe ne, ga ƙararrawa, ga murya ta ƙasa mai gurnani da duka. Super Famicom na 1990, wato Super Nintendo, yana da muryoyi takwas, kuma gutsattsarin sautin kayan kiɗa na gaske yake juyawa. Wurin ajiyar sautinsa kilobayit 64 ne kacal, shi ya sa kiɗansa ke fita da taushi, a ɗan dushe, sau da yawa da amsa-kuwwa. In kuwa ka tuna muryar mawaƙi tana fita tas, to ka kusanto zamanin faifai, irin PlayStation na 1994.

Mu ɗauki misali. A ce wani ya taso a Kano ko Maraɗi a shekarun 1990, gidansu akwai irin gem ɗin nan na kwaikwayon Famicom da ake jonawa da talabijin, mai kaset rawaya da aka rubuta wa wasanni dubbai alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Abin da ya riƙe shi ne: fili fari fat, wani tsuntsu baƙi da fari yana gudu yana ba mai kallo baya, ramuka a hanya, wata dabbar teku tana leƙowa, kifi na tsalle, lokaci na ƙarewa a saman allo. Kiɗan siriri ne, yana tafiya ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku.

Siririyar busar da kaset ɗin sun riga sun ce Famicom ne, don haka an fitar da Sega da Super Nintendo daga lissafi. Sauran aiki na matakin wasan ne. A nan sai a rubuta abin da ido ya gani, da Turanci, tunda da shi aka fi tattara bayanan, a haɗa da sunan na'ura:

```
famicom penguin ice holes seals
```

Amsar da za ta fito ita ce Antarctic Adventure na kamfanin Konami, wanda ya fara fita a kwamfutar MSX a 1983, ya zo Famicom a 1985. Kada a tsaya nan. A nemi bidiyon wasan a saurara, a tabbatar na Famicom ne, domin akwai magajinsa, Penguin Adventure na 1986, shi ma tsuntsu ne a guje, amma a MSX yake kuma kiɗansa daban. Idan kunne ya amince, sai a tambayi sunan kiɗan. Nan ne abin ke ba mutane mamaki: ba Konami ne ya tsara shi ba. Sunansa Les Patineurs, na Bafaranshe Émile Waldteufel, tun 1882. Wannan tafiya ta uku-uku da aka tuna ita ce alamar, kiɗan rawar Turawa ne. Wasannin farkon shekarun 1980 sun yawaita aron tsofaffin kiɗe-kiɗe irin wannan, don haka duk wanda ya ji kiɗan gem ya yi masa kama da na taron Turawan da, ya sa wannan a ransa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar sunan gem a matsayin amsa ta ƙarshe. Sonic the Hedgehog na 1991 ya fito a Mega Drive da kiɗan Masato Nakamura, ya kuma fito a Master System da matakai dabam, inda Yuzo Koshiro ya tsara yawancin kiɗan. Wanda ke neman kiɗan matakin gada, wato Bridge Zone, zai gaji da sauraron na Mega Drive bai same shi ba, don babu matakin a can. Tetris ma haka. Kiɗan da duniya ta sani, wanda aka ɗauko daga waƙar Rashawa Korobeiniki, na Game Boy ne na 1989. Tetris na Tengen, wanda ya yawaita a kaset masu tarin wasanni, nasa kiɗe-kiɗen daban ne, irin su Loginska da Bradinsky.

Wani lokaci an samu kiɗan daidai, amma zuciya ta ƙi yarda, sai mutum ya ce na da bai kai wannan sauri ba. Yana iya zama da gaskiyarsa. Talabijin na Japan da Amurka yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai da irin namu sau 50, kuma wasanni da yawa sun ɗaure kiɗa da wannan bugun. Sonic na farko a na'urar Turai ya fi nawa, ana ji ƙarara. Haka kuma na'urorin kwaikwayo da dama sun musanya launin muryoyin busa, sai kiɗa ɗaya ya fita da wani amo. Saboda haka a gwada jerin amon waƙar, kada a kafe kan sauri ko kaifin murya.

Shi kansa sunan, yawanci daga mataki ake samunsa, kamar Green Hill Zone. Wasu kuwa suna da suna nasu: kiɗan matakin ruwa na Donkey Kong Country na 1994, wanda David Wise ya tsara, sunansa Aquatic Ambience, alhali matakin farko da ake jinsa Coral Capers ne. Na fi amincewa da sunan da ke jikin faifan da kamfani ya fitar, kuma ana samun jerin irin waɗannan a VGMdb, domin masu ɗora bidiyo kowa da sunan da yake laƙabawa. Akwai kuma wasannin da kiɗansu lamba kawai gare shi a wurin gwajin sauti. In haka ta faru, ka rubuta sunan gem, da na'ura, da mataki, ka adana. Da waɗannan uku duk wanda ya san harkar zai kai ka ga kiɗan.